Fassarar takardar fitilar sola: wace wuta ake nufi?

Rahila: Barkanmu da hantsi jama'a. Ina neman masu fassara da masu aikin sola su duba mini wani abu. Takardar bayanin wata fitilar sola nake mayarwa Hausa, za a sa ta cikin kwali don mutanen da ba su taɓa riƙe irinta ba, a nan Jos da ƙauyukan wajen Mangu da Bokkos. Fitilar irin mai farantin karɓar hasken rana daban ce: farantin wat 3 ne, igiyarsa mita 5, batirin yana cikin jikin fitilar, haske mataki uku, sai ramin cajin waya ɗaya. Sashen gargaɗi ne ya tsaya mini a wuya. Ga abin da na rubuta:

1. A ajiye nesa da wuta.
2. A shanya a rana, rana ɗaya cikakkiya, kafin a fara amfani.
3. Kada a bari a inda zafi ya wuce digiri 45.
4. Kada a ja wayar.
5. Ruwa ba ya shiga.

Duk sun bi Turancin, amma raina bai kwanta ba.

Malam Ɗanjuma: Sannu da aiki ƙanwata. Gaskiyar ranki ne da bai kwanta ba. Fara da na ɗaya. A bakin mutanenmu wuta uku ce: ta murhu, ta lantarki, da hasken ƙwai in an ce "kunna wuta". Mutumin da aka miƙa wa fitilar sola aka ce ya ajiye ta nesa da wuta, abin da zai fara zuwa masa shi ne kada ya jona ta da lantarki, tunda ai ta rana ce. Sai ya kiyaye wannan sosai, ya kuma rataye ta a madafa saman murhu don matarsa ta ga tukunya, wato daidai abin da aka hana. Kada ki bar kalmar ita kaɗai. Ambaci abin da ido ke gani: "Kada a rataye ko a ajiye fitilar kusa da murhu, risho, gawayi ko kaskon jin ɗumi." Ya fi tsawo, amma babu inda za a zame.

Hajiya Asabe: Kaskon jin ɗumin nan ku bar shi a ciki don Allah. Daga Disamba zuwa Janairu gidaje da yawa a garin nan da garwashi a ɗaki ake kwana, kuma fitila a gefensa take zama.

Injiniya Bala: Malam ya gyara na ɗaya. Ni na biyu ne ya fi tayar mini da hankali, don shi ne zai kashe fitilun. "A shanya a rana" me za a shanya? Ba ki faɗa ba. Kuma kalmar shanya tana jawo hoton barkono ko wanki, wato a kwashi abu gaba ɗaya a baza a rana. Mutum zai ɗauki faranti da fitila ya ɗora su tare a kan kwanon rufi. Farantin don rana aka yi shi, ba ruwansa. Batirin da ke cikin fitilar kuwa zafi ne babban abokin gabansa. Irin batirin lithiyam ɗin nan ana so a yi masa caji tsakanin digiri 0 zuwa 45, kuma kwano da tsakar rana a watan Maris yana wuce 45 nesa, ko a Jos mai sanyi. Ba ranar farko zai nuna ba. Bayan 'yan watanni sai a ga fitilar da ke kai wa asuba tana mutuwa kafin a kwanta, in abin ya yi tsanani batirin ya kumbura ya ɗaga murfi. Dalilin da ya sa aka yi igiyar mita 5 ke nan, don faranti ya fita waje, fitila ta zauna a ɗaki. To na biyu da na uku magana ɗaya ce aka raba: faranti a rana, fitila a inuwa.

Rahila: Injiniya na gane. Amma Turancin ma bai raba ba, cewa kawai ya yi a yi wa kayan caji a hasken rana. Hoton da ke gefe ne ya nuna fitilar a cikin gida.

Injiniya Bala: To hoton ya san abin da rubutun ya manta. Ki bi hoton.

Pam: Ni ina ganin ana wahalar da kai. Wanda ya saya ai zai ga igiya doguwa ya gane da kansa. Kuma batun digiri 45 a cire shi kwata-kwata, wa ke da ma'aunin zafi a gida a Bokkos?

Malam Ɗanjuma: Pam, rabin maganarka daidai ne. Babu mai ma'auni, saboda haka lambar ita kaɗai ba ta gaya wa kowa abin da zai yi da hannunsa. Amma mai fassara ba shi da ikon goge lambar da kamfani ya sa a sashen gargaɗi. Gobe in batir ya kama da wuta, takardar za a ɗauko. Abin yi shi ne a bar lambar, a biyo ta da wuraren da mutum ya sani: "Zafi mai yawa yana lalata batir, musamman in ya wuce digiri 45. Kada a bar fitilar a kan kwanon rufi, ko cikin mota a rufe, ko a bakin taga inda rana ke duka." Shi kuma wannan ƙarin, Rahila ta rubuta shi daban ta mayar da ma'anarsa Turanci ta tura wa masu kayan su sa hannu. Batun zai gane da kansa kuwa, ban yarda ba. Da yawa za su nannaɗe igiyar su ɗaure don kada ta lalace.

Sadiq: Salam. Tunda ana maganar sola, batirina na gida mai 200 ba ya kai wa ƙarfe goma yanzu, farantai huɗu ne. Ruwan batir zan ƙara ko canzawa zan yi?

Injiniya Bala: Ɗan'uwa wannan wani aiki ne daban, ka same ni ta gefe. Amma ka tuna mini da abu. Mutane sun saba da batirin mota da na gida da ake buɗewa a zuba wa ruwa. Na cikin fitilar nan rufaffe ne, ba a zuba masa komai, ba a huda shi. Rahila, duba ko takardar ta ce kada a buɗe fitilar. In ta ce, ki ƙara fito da shi fili: ba a ƙara wa wannan batir ruwa.

Rahila: Ta ce, yana can ƙasa. Zan ɗago shi sama in sun yarda. To "rana ɗaya cikakkiya" fa? Da na sake karantawa sai na ga rana biyu a jimla ɗaya, kowacce da ma'anarta.

Malam Ɗanjuma: Hausa ta riga ta ba ki mafita, ki ce wuni. "A bar farantin ya wuni a rana, daga hantsi zuwa la'asar." Mutumin ƙauye da na birni, Musulmi da Kirista, kowa ya san hantsi ya san la'asar, ba sai an sa ƙarfe kaza ba.

Injiniya Bala: Hantsi zuwa la'asar ya yi daidai da aikin ma, don a tsakanin nan ne farantin ke samun mafi yawan abin da zai samu. Sai dai kalmar "ɗaya" ina da ja a kanta. In kamfani ya ce wuni ɗaya yana cika batir, lissafin ranar da sama take garau yake yi, kamar awa 5 na rana mai ƙarfi. A watan Agusta a Jos ana iya kwana uku ana gajimare da yayyafi. A hunturu kuma hazo ya rage hasken, ƙura ta kwanta a kan farantin. To mutum ya wuni, ya shigo da dare fitila ta yi awa biyu ta mutu, sai ya ce jabu aka sayar masa. Gara a ɗaure maganar a kan alamar da ke jikin fitilar maimakon kwana. Rahila, me ƙaramin ƙwan caji yake yi in batir ya cika?

Rahila: Ja ne yana ƙiftawa lokacin caji, in ya cika sai ya koma kore ya tsaya.

Injiniya Bala: Shi ke nan. "Ranar farko a bar farantin ya wuni a rana. In ɗan hasken da ke gefen fitilar ja ne yana ƙiftawa, caji na shiga. In ya koma kore ya tsaya cak, batir ya cika. Ranar gajimare ko hazo yana iya ɗaukar wuni biyu ko fiye." Ki ƙara layi ɗaya a kan inuwa. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere aka haɗa su kamar sarƙa, in inuwar reshe ko igiyar shanya da zane a kai ta rufe ɗaya, sai ta riƙe sauran. Mutum yana ganin yawancin farantin na cikin rana, bai san caji ya faɗi ƙasa sosai ba. Ƙura ma haka, a goge da tsumma mai laushi mai ɗan danshi, ba soso na ƙarfe ba.

Pam: Kuma a rubuta a fuskantar da shi gabas, tunda daga can rana ke fitowa.

Injiniya Bala: A'a Oga Pam. In ka jingina shi yana kallon gabas ka sami safiya ka rasa azahar da la'asar. A wajenmu rana kusan ta tsakiyar ka take bi. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni ta karkata kudu. Saboda haka a kwantar da farantin yana kallon sama, a ɗan ɗaga gefe ɗaya kaɗan don ruwa ya gangare. In takardar ta ce kudu ba laifi, a bar shi. Abin dubawa shi ne hoton: in ya nuna faranti a miƙe kamar allo jingine da bango, don ƙasashen da rana ke yin ƙasa-ƙasa aka zana shi.

Hajiya Asabe: Ku zo kan na huɗu, ni shi ya ba ni dariya. "Kada a ja wayar." Wace waya? Fitilar da ake sayenta musamman don cajin waya! Duk matar da ta karanta wannan, salularta za ta duba.

Rahila: Kai, wallahi ban lura ba, Hajiya. Kebul zan ce?

Hajiya Asabe: Yaran da ke sayar da caja a kasuwar Taminus kebul suke cewa. Tsofaffi igiya za su fi ganewa. Ni dai in ni ce, "igiyar faranti" zan ce ko'ina, waya kuma in bar wa wayar hannu ita kaɗai. Kuma kada a tsaya a kan hani. A faɗi yadda ake yi: a kama kan igiyar, wurin da ke shiga rami, a zare a hankali, kada a fizgo ta daga tsakiya. Yawancin fitilun da ake dawowa da su wai sun daina caji, a wuyan nan ne zaren ciki ya tsinke, ko ƙofa ta datse igiyar, ko ɓera.

Malam Ɗanjuma: Hajiya ta kawo ƙa'idar da zan so a riƙe a dukan takardar: abu ɗaya, suna ɗaya. In kin ce faranti a layin farko, kada ki ce faifai a na biyar don gudun maimaici, mai karatu zai ɗauka akwai wani abu a kwalin da ba a ba shi ba. Abin da aka buga a jikin fitilar kuma, irin su USB da ON da OFF, ki bar su yadda suke, ki faɗi aikinsu a gefe, don da idonsa zai nemi haruffan. Sai kuma harshe. Da yawa daga masu karanta wannan a Filato, Hausa ba ita ce ta gidansu ba, ta kasuwa da coci da unguwa ce. Kalmomi irin su makamashi da na'ura da yanayi ki rage su. Batir, caji, fitila, haske, zafi sun ishe ki.

Pam: Nan kam na goyi bayan Malam ɗari bisa ɗari. Ni "maɓalli" ma ban cika jin ana faɗa ba, botin ake cewa.

Rahila: Makunni fa?

Pam: Ya fi maɓalli. Amma in kin tambaye ni, botin.

Hajiya Asabe: Makunni kowa zai gane, daga kunna ne.

Malam Ɗanjuma: Wannan ku bar wa gwaji ya raba. Na biyar nake so Injiniya ya duba, don ina zargin ba fassara ba ce, alkawari ne.

Injiniya Bala: Alkawari ne kuwa. Rahila, akwai lamba mai farawa da IP a takardar ko a kwalin?

Rahila: Akwai, IPX4.

Injiniya Bala: To ruwa yana shiga. Lambar 4 ɗin nan na nufin tana jure fantsama, kamar yayyafi ko ruwan da ya tartso. Wadda ake iya tsomawa cikin ruwa na ɗan lokaci 7 ake rubuta mata. In kin ce "ruwa ba ya shiga", wata za ta wanke ta a baho tare da kwanuka, wani zai bar ta a tsakar gida ana zabga ruwan Yuli. Ta ramin caji ruwan zai bi, ya sa tsatsa a allon ciki. Rubuta: "Tana jure ɗan yayyafi. Kada a tsoma ta a ruwa, kada a wanke ta, kada a bar ta a waje ana ruwan sama. In ta jiƙe, a kashe ta a bar ta ta bushe a inuwa kafin a sa caji." A inuwa fa, kada a koma gidan jiya.

Rahila: Na gode. Akwai wani abin kuma. Turancin yana da kanun gargaɗi iri uku da launi daban-daban, ni duk na sa musu GARGAƊI.

Malam Ɗanjuma: Ki raba su, da gangan aka jera su hawa-hawa. Na sama, mai jan launi, abin da in an yi shi zai kai ga mutuwa ko mummunan rauni ne. Na tsakiya, mai ruwan lemo, abin da yana iya kaiwa ga hakan. Na ƙasa, mai ruwan ɗorawa, ƙaramin rauni. Ni HATSARI, GARGAƊI, HATTARA nake sawa. Ki lura na ce hatsari ban ce haɗari ba. In injin ɗab'i bai san ɗ mai lanƙwasa ba, ko mai tsara shafi ya canza salon rubutu, haɗari zai fito hadari, a zaci maganar ruwan sama ake yi, ga shi kuma takarda ce mai maganar rana da gajimare. Wani lokaci ma akwati ne ke fitowa a gurbin harafin. Gargaɗi ko ya rasa lanƙwasa ana gane shi. Ki nemi a buga kwafi ɗaya ki gani da idonki kafin a buga dubbai.

Pam: Malam, tsakani da Allah wa zai bambance gargaɗi da hattara? A kunnena abu ɗaya ne. Hattara ma kamar ta fi zafi.

Malam Ɗanjuma: Ban musa ba. Shi ya sa ba na dogara da kanun kaɗai, nake sa sakamakon a cikin jimlar. "Kada a jefa fitilar ko batirinta a bola da ake ƙonawa: batirin zai iya fashewa ya ƙona mutum." Wanda bai kula da kanu ba zai ji fashewa.

Hajiya Asabe: Ni da A KULA aka sa a na ukun da ya fi sauka.

Malam Ɗanjuma: Yana iya yiwuwa. Sai dai akwai hawa na huɗu a wasu takardun, na lalacewar kaya ba rauni ba, shi nake ajiye wa A KULA. In takardar Rahila ba ta da shi, ba zan yi gardama ba.

Injiniya Bala: Kafin a tashi, batirin da ya kumbura ya sami layinsa, da alamomin da za a gane shi: murfi ya ɗago, fitilar ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko wani wari kamar na sinadari. In an ga ɗaya, a cire igiyar faranti, a fitar da fitilar waje a ajiye a kan ƙasa ko yashi nesa da ciyawa da yara, kada a danna kumburin, kada a huda, a mayar wa wanda ya sayar. Kuma kada a jona ta da batirin mota ko wani babban faranti don caji ya yi sauri. Na mota bolt 12 ne, fitilar ba don shi aka yi ta ba, allon cikinta zai ƙone.

Sai cajin waya. Rahila, nawa aka rubuta a batirin?

Rahila: 3.7V, 2200mAh. A gaba kuma an ce haske har awa 30.

Injiniya Bala: Ninka 3.7 da 2.2, wato 2200 ɗin in an raba da dubu, ya ba ki kamar 8. Wayar zamani mai batir 5000 tana ɗaukar kusan 19 a wannan ma'aunin. Ke nan ko fitilar ta juye duk abin da ke cikinta, da abin da ke ɓacewa a hanya, da ƙyar ta ba wayar kashi ɗaya cikin uku, a kuma kwana a duhu. Ƙaramar waya mai madannai ce za ta cika ba wahala. Saboda haka a ce a yi cajin waya da rana lokacin da faranti ke jone, in takardar ta yarda da hakan, kuma cajin waya yana rage awannin haske. Awa 30 ɗin nan a mataki mafi ƙanƙanta ne. Kada "har" ta tsaya ita kaɗai, kowane mataki a rubuta awanninsa a gabansa.

Rahila: Akwai jadawalin a bayan kwali, zan dawo da shi cikin takardar. Matsalata yanzu wuri. Layi biyar sun zama kusan goma sha biyar, shafi ɗaya ne gaba da baya.

Hajiya Asabe: Ki cire gaisuwar nan ta "muna taya ku murnar sayen kayanmu". Kuma kada a ƙanƙanta rubutu, masu karantawa da yawa idonsu ya fara gajiya. In kin gama ki kawo fitila ɗaya a kwalinta da takardar, a ba mutum biyar ko shida da ba su taɓa gani ba, mata da maza, har da wanda jikansa ne zai karanta masa. Kada a tambaye su ko sun gane, kowa zai ce e. A ce su haɗa, a yi shiru a ga inda za su ajiye fitilar.

Pam: In an yi gwajin a sa botin a rabin takardun, makunni a rabi.

Rahila: Zan yi hakan. Malam, "a" zan ci gaba da amfani da shi, ko in koma "ku"? Na guji "ka" don kada mata su ga ba da su ake ba.

Malam Ɗanjuma: Ni "a" nake bari a hani, "kada a tsoma", ya saba da kunne kamar sanarwar asibiti. A matakan haɗawa kuwa "ku" ya fi jan mutum ya motsa hannu. Amma na san masu cewa a riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe. Turo sabon daftarin tukuna mu ji yadda yake sauka in an karanta da ƙarfi.